Takardar sallama daga aiki: lissafin da ke gaban sa hannu

A ɗauki misalin wani lebura mai loda kaya a sito, a wata masana'antar roba da ke Sharaɗa a Kano. Shekara shida yana aiki, albashinsa naira 120,000 a wata: 70,000 tsurar albashi, 30,000 kuɗin gida, 20,000 kuɗin mota. Ranar 10 ga wata aka kira shi ofis, aka miƙa masa ambulan, aka turo masa biro. "Malam, sa hannu nan, ka wuce wajen akanta," in ji jami'in kula da ma'aikata. Zuciyarsa tana bugawa, tunaninsa yana wajen kuɗin haya da na makarantar yara. A irin wannan minti biyar ɗin ne ma'aikata da yawa suke asarar haƙƙinsu da hannunsu.

Abin da ya kamata idonsa ya fara nema shi ne sunan da takardar ta ba rabuwar. Sallama daban, kora daban. A sallama, kamfani yana kawo ƙarshen yarjejeniya ne kawai, ba tare da ɗora wa mutum laifi ba, kuma wajibi ne ya ba da notis ko kuɗinsa. Kora kuwa ana yin ta kan babban laifi kamar sata ko zamba, babu notis, yawanci babu giratuti, ga tabo da ke bin mutum duk inda ya je neman aiki. Shi ya sa kotu take son ta ga an tuhumi ma'aikaci an kuma saurari amsarsa kafin a kore shi. Idan takarda ta ce sallama amma ta saƙa zargin sata a ciki, to akwai magana.

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya fayyace mafi ƙarancin notis. Wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, kwana ɗaya. Daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya. Shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar zuwa sama, wata guda. Notis na mako ɗaya ko fiye dole ya zama a rubuce, kuma ranar da aka ba da shi ba ta shiga lissafi. Wannan doka ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru, takardar ɗaukarsu aiki ce take yanke musu hukunci. Ko ga lebura ma, idan takardar ɗaukar aiki ta yi alkawarin notis mai tsawo, ita za a bi.

Mutuminmu na Sharaɗa ya cancanci wata guda. Tunda an ce ya tafi yau, sai a biya shi kuɗin wannan watan a madadin notis. A nan ne mutane suke shan mamaki: shi yana sa ran 120,000, amma dokar ta ce ba a sa alawus da kuɗin obataim a lissafin kuɗin notis. Naira 70,000 ke nan, sai dai in yarjejeniyarsa ta ce cikakken albashi.

Lokacin biya ma yana da hukunci. A shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell a 1993, Kotun Ƙoli ta ce wanda ya zaɓi biyan kuɗi a madadin notis, dole ya biya a lokacin da ya yi sallamar. Alkawarin "za ka ga alat" bayan wata biyu bai wadatar ba.

Kuɗin notis ba shi ne duka ba. Kwana goman da ya yi aiki a watan nasa ne. Idan kamfanin yana raba albashi gida talatin, 4,000 ne a rana, wato 40,000. An haɗa 110,000. Da ma ya ci bashin albashi, saura 25,000 a kansa, za a cire, a bar 85,000. A kan wannan za a ɗora kuɗin hutun shekara da bai tafi ba, domin doka ta ba shi aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi bayan kowane wata goma sha biyu, da duk wani obataim ko alawus da aka riƙe masa. Kowanne ya kamata ya fito a layinsa, da adadinsa. Takardar da ta kawo dunƙulallen kuɗi kawai, ba bayanin me aka haɗa me aka cire, ba ta isa a amince da ita ba. Giratuti kuma, gara a faɗi gaskiya: a kamfani mai zaman kansa ba ya zama dole sai in yana cikin takardar ɗaukar aiki, ko littafin ƙa'idojin ma'aikata, ko yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago.

Akwai kuɗin da ba ya bayyana a takardar sam, kuma sau da yawa ya fi sauran yawa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ga wannan lebura, 9,600 da 12,000 ke nan, jimilla 21,600 duk wata. Wasu kamfanoni suna cirewa amma ba sa zubawa. Idan aka yi haka shekara guda, 259,200 sun maƙale, ninki uku na abin da zai karɓa a wajen akanta. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ya nemi bayanin asusunsa daga kamfanin fanshonsa, ya duba wata-wata. In akwai giɓi, Hukumar Fansho ta Ƙasa tana karɓar ƙorafi. Takardar sallamar kuma a adana ta da kyau, domin da ita wanda bai kai shekara 50 ba zai nemi kashi 25 na asusunsa idan ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba.

Sai a dawo kan biron da ke kan tebur. Sa hannu iri biyu ne, kuma ana yawan gwama su a shafi ɗaya. Na farko shaida ce cewa takarda ta iso hannun mutum, wannan ba ya cutarwa, ƙin sa shi ma ba ya hana sallama aiki. Na biyu shi ne amincewa cewa abin da aka biya shi ne cikakken haƙƙi na ƙarshe, ba sauran wata da'awa. Wanda ya sa hannu a wannan ya karɓi kuɗi bai ce uffan ba, zai sha wuya a gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa idan ya dawo yana cewa an zalunce shi. Haka wanda aka lallaba ya rubuta takardar ajiye aiki "don a rufa masa asiri": ya mai da sallama ta zama tafiyar ganin dama, kuɗin notis ya tafi.

Abin da ya dace da mutumin Sharaɗa shi ne ya rubuta kusa da sa hannunsa cewa ya karɓi takarda ne kawai, ya sa kwanan wata, ya riƙe kwafi, ya nemi kwana biyu ya nuna wa wakilin ƙungiya ko lauya ko ofishin ƙwadago na tarayya da ke jiharsa. Katin shaida da yunifom da makullin da zai mayar, a ba shi rasit. Shafin amincewa da lissafin ƙarshe kuwa ya jira, sai an ba shi lissafin a rubuce ya gwada shi da takardar da aka ɗauke shi aiki da ita.