Makin da ya yi kyau fiye da kima: yadda amsa ke yoyowa a darasin koyar da na'ura

A littafin jagora na scikit-learn, kundin kayan aikin da ɗalibai da yawa ke fara koyar da na'ura da shi, akwai wani gwaji da ke ba sabon shiga mamaki. An ƙirƙiri teburi mai layuka 200 da ginshiƙai 10,000, aka cika shi da lambobin da kwamfuta ta watso haka kawai. Kowane layi aka liƙa masa amsa, sifili ko ɗaya, ita ma ta hanyar ƙuri'a. Babu wata alaƙa tsakanin lambobin da amsoshin, don haka duk wanda ya yi ƙoƙarin canka, rabi zai ci, rabi ya faɗi. Amma da aka horar da manhaja a kan teburin, sai ta ci kashi 76 cikin ɗari.

Manhajar ba ta gano komai ba, domin babu abin ganowa. An dai yi wani kuskure ƙarami a jerin matakan aikin, wanda ya sa amsoshin jarrabawa suka sulala cikin darasi. Masu wannan fanni suna kiran abin yoyon bayanai. A makaranta sunansa satar amsa, sai dai a nan ba wanda ya yi niyyar sata, kuma sau da yawa mai aikin shi ne na ƙarshe da zai farga.

Kafin a gane yadda yoyon yake, sai an ga aikin da aka yi shi daidai. Manhajar rarrabewa ita ce wadda ake nuna wa misalai masu yawa tare da amsarsu, har ta iya faɗin rukunin da sabon misali ya faɗa. Ɗaya daga cikin teburan da aka fi ba ɗalibai shi ne na ƙarin nono daga Jami'ar Wisconsin ta Amurka, wanda likita William Wolberg da abokan aikinsa suka tattara. Yana da layuka 569. Kowane layi ƙari ne guda da aka zuƙo ɗan samfurinsa da siririyar allura, aka ɗauki hoton ƙwayoyinsa, aka fitar da ma'aunai 30 kamar faɗi, kewaye da santsin gefe. A cikinsu 212 na kansa ne, 357 kuma marasa illa.

Matakin farko shi ne rabo. Ɗalibi zai ware kashi 20 cikin ɗari, wato layuka 114, ya kulle su a matsayin jarrabawa. Sauran 455 su ne na horo. Ana so rabon ya kiyaye yawan kowane rukuni, don haka jarrabawar za ta ƙunshi masu kansa 42 da marasa illa 72. Ga yadda aikin yake a harshen Python:

```python
from sklearn.datasets import load_breast_cancer
from sklearn.linear_model import LogisticRegression
from sklearn.model_selection import train_test_split
from sklearn.pipeline import make_pipeline
from sklearn.preprocessing import StandardScaler

X, y = load_breast_cancer(return_X_y=True)
X_tr, X_te, y_tr, y_te = train_test_split(
    X, y, test_size=0.2, stratify=y, random_state=0)
m = make_pipeline(StandardScaler(), LogisticRegression())
m.fit(X_tr, y_tr)
print(m.score(X_te, y_te))
```

Umarnin `fit` shi ne koyo, kuma layukan horo kaɗai aka miƙa masa. Umarnin `score` shi ne jarrabawa, a kan layukan da manhajar ba ta taɓa gani ba.

Makin da zai fito shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an sami abin gwada shi. Manhajar da ba ta koyi komai ba, wadda duk ƙarin da aka nuna mata take cewa ba shi da illa, za ta ci 72 cikin 114, wato kusan kashi 63. Daga nan ake fara lissafi, ba daga sifili ba. Sannan a ce manhajar ɗalibi ta ci 110, ta kuskure 4. Malami nagari zai tambaya: waɗanne huɗu? Idan marasa illa ne aka ce musu kansa, abin da zai biyo baya shi ne fargaba da ƙarin gwaji. Idan kuwa masu kansa ne aka ce lafiya lau, to mutum 4 cikin 42 ke nan aka sallama gida da cuta a jiki, kusan ɗaya cikin goma. Maki ɗaya ne, amma labari biyu ne daban. Shi ya sa ake zana ɗan teburi mai gida huɗu da ke nuna irin kowane kuskure, maimakon a tsaya ga jimilla.

Duk wannan lissafin yana tsaye ne a kan alkawari ɗaya: cewa layuka 114 ɗin nan baƙi ne ga manhajar. Nan ne yoyo ke shiga, kuma ƙofarsa ta farko ita ce gyaran bayanai kafin rabo.

A teburin Wisconsin, faɗin ƙwaya yana kaiwa ɗaruruwa har ya haura 2,000, alhali ma'aunin santsi bai kai ko ɗaya ba. Don kada babban lamba ya danne ƙarami, ana daidaita kowane ginshiƙi ta amfani da matsakaicinsa da yadda lambobinsa suka bazu. Aikin `StandardScaler` ke nan. Ɗalibai da yawa sukan daidaita teburin gaba ɗaya tukuna, sannan su raba. Da yin haka, matsakaicin da aka yi amfani da shi a horo ya riga ya ɗebo wani abu daga layukan jarrabawa. A wannan teburin illar ba ta da yawa, da ƙyar makin zai motsa, kuma hakan ne ke sa ɗabi'ar ta zauna wa mutum.

Ranar da ɗabi'ar za ta yi ɓarna ita ce irin ta gwajin nan na lambobin banza. Abin da aka yi a can shi ne, kafin a raba layuka 200, an sa `SelectKBest` ya duba ginshiƙai 10,000 ya zaɓo 25 da suka fi tafiya tare da amsa. A cikin ginshiƙai dubu goma, dole a sami waɗanda suka dace da amsoshin bisa tsautsayi kawai, kamar yadda idan mutum dubu goma suka yi canke, ba za a rasa waɗanda suka yi ta dacewa ba. Da yake mai zaɓen ya ga amsoshin layuka 200 duka, ya zaɓo ginshiƙan da suka dace har da layuka 50 da daga baya aka kira jarrabawa. Da aka sake aikin, aka fara rabawa sannan aka yi zaɓen a kan layuka 150 na horo kaɗai, makin ya faɗo wajen rabi, inda gaskiyarsa take.

Amfanin `make_pipeline` ke nan a misalin da ke sama. Yana ɗaure gyaran bayanai da koyo wuri guda, ta yadda duk wani mataki da ke lissafa wani abu daga bayanai, ko daidaitawa ne, ko zaɓen ginshiƙai, ko cike gurbin da aka bari fanko, zai yi lissafinsa daga layukan horo ne kawai.

Akwai yoyon da wannan dabara ba ta toshewa, domin yana cikin bayanan tun asali. A gasar KDD Cup ta shekarar 2008, an ba masu fafatawa bayanai daga hotunan nono domin su gano kansa. Tawagar da ta ƙunshi Claudia Perlich da Saharon Rosset ta lura cewa lambar shaidar majiyyaciya, wadda bai kamata ta faɗi komai game da lafiya ba, tana nuna wa ke da cutar. An haɗo bayanan ne daga wurare daban-daban, kowane da jerin lambobinsa, kuma wasu wuraren sun fi wasu yawan masu kansa. Manhajar da ta jingina da wannan lamba za ta yi fice a gasa, amma ba ta da amfani ga matar da ta shigo asibiti gobe. Tambayar da ake yi wa kowane ginshiƙi ita ce: a lokacin da za a buƙaci hasashen, za a riga an san wannan bayanin? Ginshiƙin da ke nuna an ba mutum maganin kansa, alal misali, ya zo ne bayan an gano cutar, don haka amsar ce da kanta cikin wata riga.

Haka kuma mutum ɗaya yana iya bayyana a teburi sau da yawa. Kundin hotunan ƙirji na ChestX-ray14, wanda cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar a 2017, yana da hotuna 112,120 na majiyyata 30,805, kusan hoto huɗu ga kowane mutum. Idan aka yi rabo hoto-hoto, ƙirjin mutum guda zai faɗa cikin horo ya kuma faɗa cikin jarrabawa, manhaja kuma tana iya gane mutumin maimakon ta gane cutar. Maganin shi ne rabo mutum-mutum, wanda `GroupKFold` ke yi. Idan bayanan suna bin lokaci ne, sai a yi horo da na baya, a jarraba da na gaba.

Ƙofa ta ƙarshe hannun ɗalibin ne da kansa. Ya gwada, ya ga 94, ya ɗan sauya saiti, ya sake gwadawa, ya ga 96, ya ci gaba har sau talatin. Manhajar ba ta ga amsoshin ba, amma shi ya gani, kuma zaɓinsa ya bi su. Hanyar da ake koyarwa ita ce a raba layuka 455 na horo gida biyar, 91 kowane, a riƙa horarwa da huɗu ana gwadawa da na biyar har kowane gida ya sami juyinsa. A nan ake duk gwaje-gwajen saiti. Layuka 114 kuwa sau ɗaya ake buɗe su, bayan an gama yanke shawara.

Kuskuren bai tsaya a aji ba. A 2023, Sayash Kapoor da Arvind Narayanan na Jami'ar Princeton sun wallafa nazari a mujallar Patterns inda suka tattaro rahotannin yoyo a fannonin ilimi 17, da suka shafi maƙaloli 294. Sun kuma sake duba wasu ayyukan hasashen yaƙin basasa da aka ce manyan manhajoji sun yi wa tsohuwar hanyar lissafi fintinkau. Da aka toshe yoyon, ratar ta kusan ɓacewa, kuma tsohuwar hanyar ita ce wannan `LogisticRegression` da ɗalibi ke rubutawa a makonsa na farko.

Saboda haka malamai kan fi tsayawa a kan aikin da ya ci kashi 99 fiye da wanda ya ci 85. Sukan duba layin da aka yi rabo, su ga ko akwai wani `fit` a samansa. Sukan duba ko ginshiƙi ɗaya ne ke ɗauke da kusan duk nauyin hasashen, da kuma ko akwai layukan da suka maimaitu a ɓangarorin biyu. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ɗalibi zai iya yi kafin ya miƙa aikinsa: ya hautsina amsoshin teburin Wisconsin ta yadda ba sauran alaƙa tsakaninsu da ma'aunai, ya sake bin matakansa tun daga layin farko. Makin bai kamata ya wuce kashi 63 da wani abin kirki ba. Idan ya ga 80, sai ya koma ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ya nemo inda amsoshin suka tsallaka.