Godiyar da malami zai iya aiki da ita

Idan jarrabawar WAEC da ta NECO suka ƙarato, akwai wata takarda da ke yawo hannu zuwa hannu a ajin ƙarshe na sakandare. Ba littafin gwamnati ba ce, ba kuma ta kanti ba. Shafi goma ce ko sha biyu da wani malami ya zauna ya rubuta da hannunsa, ya tace darasin shekara uku ya bar abin da ya san yana kayar da yara, ya miƙa wa monita ya ce a kai a yi fotokofi. Ɗalibai suna kiranta not ɗin Malam. Wanda ya amfana da ita yakan tsaya a bakin ofishin malamai, ya rusuna, ya ce: "Malam, mun gode, Allah ya saka da alheri." Malam ya ce amin, a rabu.

Wannan godiya ba ta da aibi, kuma addu'ar da ke cikinta ta fi ƙarfin a raina ta. Sai dai ta bar malamin a inda yake. Bai san wane shafi ne ya yi aiki ba, bai san wanne ne yara suka tsallake ba, kuma baɗi haka zai sake raba takardar da gyaranta da ɓarnarta. Mai rubuta irin wannan not kusan a duhu yake aiki, domin sakamakon jarrabawa yana zuwa ne bayan watanni, kuma harafi ɗaya da lamba ɗaya ne, B3 ko C6 ko F9. Ba ya faɗin tambayar da yaro ya ci, balle dalilin da ya sa ya ci ta. Ɗalibin da ya karanta takardar shi kaɗai ne ke da wannan labari.

Mu ɗauki misali daga lissafi, darasin da sai da kiredit a cikinsa ake shiga yawancin kwasa-kwasan jami'a. A ce malami ya sa wannan tambaya a not ɗinsa: ɗan kasuwa ya sayi buhun masara naira 40,000, ya sayar naira 50,000, ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Kowa zai gane ribar naira 10,000 ce. Inda ake faɗuwa shi ne mataki na gaba. Yara da yawa sukan raba 10,000 da 50,000, su sami kashi 20, saboda kuɗin sayarwa ne suka gani a ƙarshe. Amsar kuwa kashi 25 ce, domin riba a kan uwar kuɗi ake auna ta, wato 10,000 a raba da 40,000. Malamin da ya daɗe yana duba takardun yara ya san wannan rami, don haka sai ya rubuta hanyar kuskuren a hagu, ta daidai a dama, ya ja layi a ƙarƙashin wurin da suka rabu. A gefe kuma ya ƙara gargaɗi cewa a sashen da ake rubuta aiki, masu duba takarda suna ba da maki a kan hanya daban, a kan amsa daban, saboda haka kada a rubuta 25 tsurarta.

To, ga abin da ɗalibar da ta amfana za ta iya faɗa, ko ta rubuta a 'yar takarda: "Malam, ina godiya da not ɗin lissafi. A da kullum da kuɗin sayarwa nake rabawa, sai da na ga yadda ka jera kuskure da daidai a shafi na uku sannan na gane. Na gwada tambayoyi biyar na shekarun baya, na ci huɗu. Wadda ta kayar da ni ita ce wadda aka ba da kuɗin sayarwa da kashin riba aka ce a nemo uwar kuɗi, ban ga misalinta a takardar ba. Allah ya ƙara basira, ya jiƙan mahaifa."

Jimla biyar ce, ba ta fi ba, amma malamin ya tashi da abu biyu a hannu. Ya san jera kuskure da daidai yana aiki, zai iya yin haka a sauran babuka. Ya kuma san akwai giɓi. Tambayar da aka juya, inda za a ce an sayar naira 50,000 a ribar kashi 25, tana da nata ramin: yaro yakan cire kashi 25 daga 50,000 ya sami 37,500, alhali 40,000 ce amsar, domin 50,000 ɗin ita ce kashi 125 na uwar kuɗi. Shafi guda zai ƙara, 'yan ajin baɗi su huta.

Nan ne kunya ke shigowa. An rene mu a kan cewa yaro ba ya gyara wa babba, kuma ana ganin nuna giɓi a cikin kyauta kamar butulci ne. Ni dai ban ga haka ba, muddin an iya bakin. Akwai tazara tsakanin "Malam, ka manta kaza" da "Malam, nan ne ban gane ba." Ta biyun tambaya ce, kuma tambaya ba ta taɓa zama rashin ladabi a gaban malami ba, ko a aji ko a zaure. Ko kuskure ne ƙarara, kamar lambar da ta sauya wajen kwafa, ana iya cewa: "Ni 25 nake samu, a takardar kuma 52 na gani, ko ni ne na ɓata?"

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Godiyar da ta zo ana jibi malamin zai duba takardun gwajin aji, musamman idan ta zo da leda a hannu, tana jefa shi cikin tsaka mai wuya, ko da zuciyar ɗalibin fara ce. A manyan makarantu abin ya fi tsami, don an sha jin koken inda sayen handawut ya zama sharaɗin cin jarrabawa, har mutane suka fara zargin duk wata mu'amala tsakanin lakcara da ɗalibi da ta shafi takarda. Mafita mai sauƙi ce: a bari sai maki ya fita daga hannun malamin, a yi godiyar a fili, a ofis ko a gaban aji. Ga 'yan mata wannan ya fi zama dole, kuma ba laifi a tafi biyu ko uku.

Saura hakkin suna. Not mai kyau ba ya tsayawa a makaranta ɗaya. Ƙane ya gada, maƙwabci ya ara, mai fotokofi ya ajiye kwafi yana sayarwa. A hanya shafin farko yakan yage, sunan mai shi ya ɓace, wani lokaci ma wani mai lesin ya ɗora nasa. Malamanmu na da ba su wasa da wannan. Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowanne. Ɗalibin sakandare ba a nemi littafi daga gare shi ba. Ya nemi izini kafin ya ba 'yan wata makaranta, ya tabbata sunan malamin yana kan kowane kwafi, in kuma shafin farko ya lalace, ya rubuta sunan da biro a saman na biyu kafin ya kai wa mai injin.