Makin Manhaja Ne Ke Nuna Inda Za a Taƙaita Karatu

Idan jarrabawar WAEC ta gabato, ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare yakan tara littattafan rubutunsa na shekara 3 ya fara tace su cikin ƙaramin littafi guda. Da yawa sukan ba kowane darasi shafi ɗaya ko biyu, babu bambanci. Alhali ita manhajar ba haka ta raba maki ba.

A ɗauki Turanci. Takarda ta farko tambayoyin zaɓi 80 ne, maki 40. Ta biyu maki 100 ce: insha'i 50, taƙaitawa 30, auna fahimta 20. Ta uku, wadda ke gwada furuci, tambaya 60 ce, maki 30. Jimilla 170 ke nan.

A ce ɗaliba tana da shafi 34 da za ta cike. Idan ta raba 170 gida 34, kowane shafi zai tsaya a madadin maki 5. Insha'i ya samu shafi 10, tambayoyin zaɓi 8, taƙaitawa 6, furuci 6, auna fahimta 4. Nan take za ta ga cewa insha'i ɗaya tal ya fi tambayoyi 80 ɗin nan maki. Saboda haka tsarin wasiƙar hukuma, da na jawabi, da na muhawara, da na rahoto, kowanne ya cancanci shafinsa da misalin buɗewa da rufewa, ba layi biyu ba.

Sai dai wannan lissafi mafari ne kawai. Auna fahimta da taƙaitawa gwaninta ce da ake samu ta yawan gwaji, domin ba wanda ya san nassin da zai fito. Dokokinsu kaɗan ne: a amsa cikin cikakkiyar jimla, a guji kwafo nassi kai tsaye. Shafi 4 ya ishe su duka biyun. Amma lokacin gwajinsu kada a rage shi ko kaɗan, maki 50 ba abin wasa ba ne.

Shafi 6 da suka rage ina za su? Nahawu ya fi cancanta, don yana ci sau biyu: yana cikin tambayoyin zaɓi, kuma a insha'i kuskurensa yana zaftare maki. Furuci ma a ƙara masa, musamman ga ɗalibin da Hausa ce harshensa na farko, wanda sautukan "p" da "f" kan rikice masa. Irin wannan yana bukatar jerin kalmomi na misali, kuma jeri wuri yake ci.

Hanyar gane an matse darasi fiye da kima mai sauƙi ce. Ɗaliba ta ɗauko tambayoyin shekarun baya, ta amsa da ƙaramin littafin kaɗai a gabanta. Duk inda ya zama dole ta koma babban littafi, wannan darasi yana bukatar ƙarin shafi. Kafin a raba ko shafi ɗaya, a nemi manhajar shekarar da za a zauna jarrabawar a wurin malamin darasi, domin hukumar takan sabunta ta.