Idan Na'urar Banki Ta Yi Kokwanto, Wa Ke Yanke Hukunci?

Kafin kuɗin da ka tura ta waya su isa inda ka nufa, a bankuna da dama akwai manhajar da ke auna ko damfara ce. Maki take bayarwa, a ce daga 0 zuwa 100, banki kuma ya ja layi biyu. Misali, abin da bai kai 30 ba ya wuce, abin da ya haura 90 a tsayar da shi nan take. Wanda ya faɗa tsakani, shi ne na'ura ba ta da tabbas a kansa, sai a tura shi jerin jiran ma'aikaci.

Mu ɗauki wani ɗan kasuwar hatsi da ya saba tura abin da bai wuce naira 200,000 ba. Wata rana da ƙarfe 2 na dare sai ga naira 1,500,000 za su fita daga asusunsa, na'ura ta ba da maki 68. Idan wannan lambar kaɗai aka ajiye wa ma'aikaci, an bar shi cikin duhu. Kamata ya yi ya tarar da dalilan a shafi guda: yadda mai asusun ya saba hulɗa a watannin baya, ko wayar da aka shiga da ita sabuwa ce, ko an sake fitar da layinsa kwanan nan, da kuma yaushe aka buɗe asusun da kuɗin za su shiga. Sabuwar waya da layin da aka sauya jiya da asusu ɗan kwana uku, wannan sai a riƙe kuɗin a nemi mai su ta wata hanya dabam, domin layin na iya kasancewa a hannun ɓarawo. Amma idan tsohuwar wayarsa ce, mai karɓa kuma dillalin da yake biya duk kaka, a sake masa kuɗinsa ya ci gaba da ciniki.

Faɗin wannan tsakiyar kuwa lissafi ne. Ma'aikacin da ke cin minti 3 a kan kowace matsala 20 zai duba a awa, 160 a awa 8. Idan ana turo masa 500, ko dai jeri ya taru masu gaskiya su kwana da kuɗinsu a maƙale, ko ya koma danna amincewa ba tare da karatu ba.

Wannan na biyun ne ya fi damuna, domin ba ya nuna kansa. Ana gane shi idan lokacin dubawa ya koma daƙiƙa kaɗan, hukuncin ma'aikaci kuma kullum ya bi inda makin ya karkata. Maganinsa a riƙa cusa tsofaffin matsalolin da aka san amsarsu cikin jerin, a ga ko zai gano su. Bankin da ba ya yin irin wannan gwaji ba shi da hujjar cewa mutum ne ya yanke hukunci a kan kuɗinka.