Wandon da ke Sauka ta Baya In Kin Zauna

Uwargida, in kin zauna ƙugun wando ya sauka ta baya, gaba kuma ya ɗame cinya, ƙarin faɗi a gefe ba zai gyara ba. Tsayin hantsa ne ya gaza.

Ɗauko takardar yankan baya. Tsaga ta a kwance daidai tudun mazaunai, daga tsakiya zuwa gefe, ki bar bakin gefen a haɗe. Buɗa tsagar inci 1, ki liƙa takarda a gurbin.

Don cinya kuwa, ƙara rabin inci a bakin hantsar gaba, ƙarin ya riƙa raguwa har gwiwa.

Fara gwadawa da yadi mai araha, ki zauna, ki durƙusa. In baya ya yi jaka, rage buɗin.