Ranar Allurar Jarirai: Abin da Sanarwar Asibiti Take Nufi

Kowace unguwa da hanyar da labarin yake iso mata. Wani wurin mai shela ne yake zagayawa da yamma, wani wurin liman ne yake faɗa wa maza bayan sallah, wani wurin kuma takarda ce aka manna a ƙofar asibitin sha-ka-tafi. Maganar dai kusan iri ɗaya ce: ana sanar da iyaye mata cewa ranar Laraba akwai allurar rigakafin yara, daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyu na rana, kowace ta zo da katin ɗanta, kuma a zo da wuri. Rana da lokacin suna bambanta daga wannan asibiti zuwa wancan, don haka kowace uwa ta tabbatar da na unguwarsu. Amma kowace gaɓa ta wannan sanarwa tana da dalilinta, kuma matar da ta san dalilin ba za ta yi tafiyar banza ba.

Me ya sa ake ware rana?

Amsar tana cikin kwalbar maganin. Allurar BCG, wadda take kare jariri daga mummunan tarin fuka, gari ce a cikin ’yar kwalba da ta ishi jarirai ashirin. Ta ƙyanda da ta shawara su ma gari ne, kwalba ɗaya ta yara goma. Sai an zo yi ake haɗa garin da ruwansa, kuma da zarar an haɗa, awa shida kawai yake da ita. Abin da ya rage bayan haka zubarwa ake yi. Wannan ne ya sa asibitoci da yawa suke tara yara a rana guda, don kada a fasa kwalbar ashirin saboda jariri biyu. Wasu ma sukan ware wa BCG da ta ƙyanda ranarsu daban da ta sauran allurai. Saboda haka idan kin ji sanarwa, ki tambaya: “Malama, har da ta ƙyanda za a yi ranar?”

Akwai kuma batun sanyi. Magungunan rigakafi suna son zama a sanyin da bai gaza maki 2 ba, bai kuma wuce maki 8 a ma’aunin Salshiyas ba. Asibitin da ba shi da firji mai aiki da hasken rana sai ya aika a ɗauko maganin da safe daga ma’ajiyar sanyi ta ƙaramar hukuma, ko daga wani asibiti na kusa, a cikin akwati mai ƙanƙara. Ƙanƙarar nan ba ta kai wa dare da ƙarfinta. Idan aka ce za a tashi ƙarfe biyu, sau da yawa iyakar abin da akwatin da kwalbar da aka buɗe za su iya ɗauka ke nan.

Da sanyin safiya ake kama fara

Ƙarfe takwas da aka rubuta lokacin buɗe ƙofa ne da karɓar kati, ba lallai ne a fara tsira allura a lokacin ba. Da farko ana jera katunan bisa yadda aka iso. Daga nan ma’aikaciya takan yi wa mata ɗan jawabi a kan shayarwa da tsafta da alamomin da za a gani bayan allura. Sai a ɗora kowane yaro a sikeli, a rubuta nauyinsa, a duba kati a ga wacce ce ta kama shi yau, a shigar da shi babban littafin asibiti, sannan a kira shi.

Lissafin jiran ba shi da wuya. A ce mata arba’in suka zo, ma’aikaciya ɗaya ce take yin allurar, kowane yaro kuma yana cin minti biyar tsakanin cire wando, ɗiga magani a baki, allura biyu ko uku da rubutu. Minti ɗari biyu ke nan, wato sama da awa uku kafin a kai ga ta ƙarshe. Wadda katinta yake cikin goman farko tana iya komawa gida da hantsi, wadda ta iso ƙarfe goma sha ɗaya kuwa sai ta kai azahar, wataƙila ma ta tarar kwalbar ƙyandar da aka buɗe ta ƙare. Mai jiran BCG takan ɗan ƙara zama, domin ana so jariran su taru kafin a haɗa.

Don haka a ware wa abin safiya guda cur. Ki karya kumallo kafin ki fito, ki riƙo ruwan sha, da zanen goyo na canji, da ƙyallen tsuguno. Ki sa wa yaro kayan da cinyarsa da dantsensa za su fito ba tare da kokawa ba. Ba a hana shi nono, kafin allura ko bayanta, kuma ba shi mama a daidai lokacin da ake tsira masa yana rage masa kuka. Bayan an gama kada ki saɓa goyo ki wuce nan take. Ki zauna kamar minti goma sha biyar zuwa rabin awa, saboda a ɗan wannan lokacin ne jikin da bai karɓi magani ba yake nunawa. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru gara a gaban ma’aikata.

Katin shi ne shaida

A cikin katin yaro akwai ranar haihuwarsa, da layin da yake nuna yadda nauyinsa yake hawa, da gurbin kowace allura tare da ranar da aka yi ta, da ranar dawowa. A tsarin da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa take bi a Najeriya, ziyarar farko tana nan da an haihu: BCG, ɗigon shan inna, da allurar ciwon hanta. Sai mako shida, mako goma da mako goma sha huɗu, inda ake ba da Penta, wadda ta haɗa kariya daga cuta biyar ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa, tare da ta ciwon huhu, da ta shan inna, da ɗigon Rota na gudawa wanda aka shigar cikin tsarin a 2022. A wata shida akwai ɗigon bitamin A. A wata tara sai ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata goma sha biyar kuma ƙyanda ta biyu, wadda ita ce iyaye suka fi mantawa.

Babu uwar da za ta riƙe wannan duka a ka, ma’aikaciyar da take ganin yara masu yawa kuwa balle. Idan babu kati sai a koma tambaya: a cinya aka yi masa ko a hannu, sau nawa, kafin azumi ne ko bayan sallah? A irin wannan laluben ne ake tsallake wata allurar, ko a ɓata lokacin kowa ana bincike a littafi. Ki sa katin a leda, ki ajiye inda ruwa da ɓera da hannun yara ba sa kaiwa, a kuma ɗauki hotonsa a waya duk lokacin da aka yi sabon rubutu. Idan ya ɓata, wannan ba dalilin zama a gida ba ne. Ki koma asibitin da aka fara yi masa, a nemo sunansa a littafi a cike miki wani. Idan kuma kin yi tafiya, da katin nan za a ci gaba a kowane asibitin gwamnati, kuma allurar kyauta ce. Ɗigon da ake bi gida-gida ana yi ƙari ne, bai maye gurbin abin da yake cikin kati ba.

Mu bi jaririya ɗaya

A ce an haifi yarinya a gida ranar Litinin 3 ga Maris, 2025, asibitin unguwarsu kuma Laraba yake allura. Ta ciwon hanta ta fi amfani a cikin awa ashirin da huɗu na farko, don haka ba a jira suna, ba a ma jira Laraba: kaka ko gwaggo ta naɗe ta a kai ta a ranar, mai jego tana gida. Idan ba a buɗe BCG ba, sai a dawo Laraba 5 ga wata. Wanda ya ce sai an yi arba’in ya rasa ta ciwon hanta da ɗigon farko, domin a cikin mako biyun farko ake ba da su.

Mako shida kwana arba’in da biyu ne, wato daidai fitar uwa daga wankan jego. Yarinyar tana cika su ranar Litinin 14 ga Afrilu, sai a kai ta Laraba 16. Za a rubuta mata ta dawo 14 ga Mayu. To a ce biki ya kai uwar wani gari, ba ta samu zuwa ba sai 28 ga Mayu. Ba a komawa farko, Penta ta biyu za a yi mata. Amma ta uku ta matsa zuwa 25 ga Yuni, domin tilas a bar aƙalla mako huɗu tsakanin ɗaya da ɗaya. Jinkirin mako biyu bai ɓata abin da aka yi ba, sai dai ya tsawaita kwanakin da yarinyar take zaune da rabin kariya. Ta ƙyanda kuwa tana nan a wata tara, wato Laraba 3 ga Disamba.

Bayan an dawo gida

Penta takan kawo ɗan zazzaɓi da rigima da kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu. A yawaita ba shi nono, a rage masa kaya, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a wurin, a ba da farasitamol gwargwadon yadda ma’aikaciya ta auna. Kada a gasa wurin, kada a murza. BCG kuwa bayan ’yan makonni takan yi ƙurji a dantse, ya fashe, ya warke ya bar tabo. Haka aikinta yake, ba a matsewa, ba a shafa masa komai. Abin da yake sa a koma asibiti ba tare da jiran wata Laraba ba shi ne jijjiga, ko numfashi da ƙyar, ko kumburin fuska, ko ƙin kama nono, ko kuka mai tsanani da ya kai awa uku, ko zazzaɓin da ya ƙi sauka. Mura da ɗan tari ko ’yar gudawa ba sa hana allura. A kawo yaron, ma’aikaciya ta duba ta yanke hukunci.

Maganar ƙarshe ta maigida ce, domin sau da yawa a kunnensa sanarwar take fara sauka. Malam, ranar dawowa tana rubuce a kati. Ka duba ta tun jajibiri, ka ba da izini da kuɗin mota tun da dare, a samu mai riƙe sauran yara da girkin rana, don uwar ɗanka ta isa asibiti kafin ƙarfe takwas da katin a hannunta.