Minti 45 da suka cinye dala miliyan 440

Ranar 2 ga Agusta 2012, kamfanin dillancin hannayen jari na Knight Capital a Amurka ya fitar wa masu jarinsa da sanarwa. Ya ce wata manhaja da ya saka ta yi ta aika odar kuskure kasuwar New York ranar 1 ga wata, asarar ta kai kusan dala miliyan 440, kuma an cire manhajar.

Gaskiya ne, amma bayanin bai ƙosar ba. Sai a 2013 hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar ta fayyace lamarin. Kwamfutoci takwas ke aika odar kamfanin. Ma'aikaci ya ɗora sabuwar manhajar a kan bakwai, ya tsallake ɗaya, kuma ba wanda ya bi bayansa ya duba. A ta takwas ɗin akwai tsohon tsari mai suna Power Peg, wanda aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a goge ba. Sabon umarnin ya tashe shi, ga shi kuma ba ya lissafa ko oda ta cika. Haka oda 212 suka haifi ciniki sama da miliyan huɗu cikin minti 45.

Abin takaici, saƙonnin gargaɗi 97 sun fita kafin a buɗe kasuwa, ba a kula ba.

Cikin mako guda wasu masu zuba jari suka ceto kamfanin da dala miliyan 400, suka karɓe rinjayen mallakarsa. SEC ta ci shi tarar dala miliyan 12, ta kuma sa ya ɗauko masani daga waje ya binciki matakan kariyarsa. A 2013 ya haɗe da kamfanin Getco.